Bututun da Aka Yanke a Santimita 16: Nazarin Madubin Likita da Ɗalibai Suka Haɗa a Jos

A zangon karatu na biyu, lokacin da hunturun Jos ke sa yara su shigo ɗakin gwaje-gwaje hannuwa cikin aljihu, na ba ɗalibai biyar 'yan ajin ƙarshe na sakandare aikin haɗa madubin likita da hannunsu. Kayan aikin ba su da yawa: gilasai biyu masu tattara haske, bututun ruwa na roba, kwali, salatif da tocila. Lissafinsu a takarda ya ce abin zai ƙara girma sau 32. Da suka gama haɗawa suka auna, sai suka samu sau 22. Kwana uku muka yi muna bin sawun wannan goman da ta ɓace, kuma a ƙarshe ba ga gilasan muka same ta ba, ba kuma ga hannun yaran ba. Tana cikin kalma ɗaya da ni da kaina na rubuta a allo.

Gilashin da aka rubuta wa 10X

Tun wajen sayen kaya aka fara cin karo. Shugaban rukunin ya je wajen Taminus ya sayo babban gilashin ƙara girma mai mariƙi, faɗinsa ya kusa tafin hannu, a jikin kwalinsa an buga 10X. Ya shigo da shi yana murna. Na ce ya fita bakin ƙofa, ya juya wa rana baya, ya fuskantar da gilashin ga wani dogon bene da ke can nesa, ya riƙe farar takarda a bayan gilashin yana matsar da ita har surar benen ta fito tas, kanta a ƙasa. Wata ɗaliba ta sa rula tsakanin gilashi da takarda: santimita 12.5.

Wannan tazarar ita ce nisan matattara, wato daga gilashi zuwa wurin da hasken da ya taso daga nesa yake haɗuwa. Ita ake rubutawa da f. Dalilin da ya sa na fitar da su waje shi ne, da tagar aji suka yi amfani da ita, mai nisan mita uku, da surar ta faɗo a wajen santimita 13, kuma wannan rabin santimita zai bi su cikin kowane lissafi. Rana kuwa ban yarda a gwada da ita ba, domin yaro ɗaya ya kai ido wurin, an yi asarar da ba ta gyaruwa.

To, gilashi mai f na santimita 12.5 ba ya ƙara girma sau goma. Kafin in nuna musu haka sai da muka tsaya a kan tambayar da ake yawan tsallakewa: idan an ce sau goma, sau goma na me?

Na ce kowa ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa ya rufe ido ɗaya. Daga farfajiyar makarantarmu ana hango duwatsun Shere, kuma yatsa ɗaya ya isa ya rufe ƙaton dutse. Ido ba ya auna abu da mita ko santimita. Abin da yake samu shi ne kusurwar da abin ya cika a gabansa, kuma ita ce ke yanke girman surar da ke faɗawa a bayan ido. Shi ya sa duk mai son ganin ƙaramin abu yake jawo shi kusa da fuska ba tare da an koya masa ba. Sai dai jawowar tana da iyaka. Akwai inda idan abu ya wuce, ido ba ya iya daidaita shi, sai ya dushe. Masu wannan fanni sun yi ittifaƙi a ɗauki wannan iyakar a matsayin santimita 25, ana rubuta ta da D.

Muka ɗauki ƙwayar acca ɗaya, muka auna ta, ta kai wajen milimita ɗaya. A nisan santimita 25, wato milimita 250, kusurwar da take cikawa ita ce 1 bisa 250. Idan aka sa ta a matattarar gilashi, hasken kowane ɗigo nata yana fitowa a jere kamar daga nesa ya taso, ido ya karɓe shi a sake ba tare da ya yi yunƙuri ba, kusurwar kuma ta zama 1 bisa f. Ƙarin girman da ake magana shi ne kusurwa ta biyu a raba da ta farko:

```
M = D / f          (ido a sake)
M = 1 + D / f      (sura a nisan D)
```

Layi na biyu na wanda ya manna ido da gilashi ne, ya ɗan matso da abin cikin matattara har surar ta tsaya a santimita 25. Yana samun ƙarin ɗaya, amma jijiyar idonsa na aiki, kuma bayan 'yan mintoci zai ji a goshinsa.

Gilashin Taminus: 25 a raba da 12.5, sau 2. Idan an matsa wa ido, sau 3. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ashe cutata aka yi." Na ce masa gilashin lafiyarsa ƙalau, zai yi wa kakarsa amfani wajen zura zare a allura, lambar da ke kwalin ce ba ta da tushe. Akwai ma alamar da mutum zai gane tun a kasuwa: gilashi mai ƙarfi dole ya yi tudu sosai, mai tudu sosai kuma ba ya yin faɗi. Duk gilashi guda da ya kai tafin hannu aka ce sau goma ne, a auna shi kafin a biya.

Gilashin sau goma na gaskiya mun same shi ne a wurin mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan, wanda ke sana'ar duwatsu masu daraja, sana'ar da Jos ta daɗe da ita tare da ta kuza. Ƙaramin gilashi ne mai naɗewa cikin gidan ƙarfe, faɗinsa bai kai kan babban yatsa ba. Da na je karɓa, sai ya ɗauko wani koren dutse, ya manna gilashin a idonsa, ya kawo dutsen har ya kusa taɓa shi. Ya ce, "Malam, baƙo a wannan sana'a daga riƙon gilashi ake gane shi. Sai ka ga ya miƙa shi can nesa kamar mai duba fuska." Gaskiyarsa. Mun auna f ɗinsa, santimita 2.5, kuma 25 a raba da 2.5 goma ne cif. Ƙwayar accar da ke cika kusan rubu'in digiri a ido tsirara ta koma cika digiri biyu da ɗoriya.

Abu ɗaya na so su riƙe tun daga nan, domin shi ya dawo ya warware mana matsala daga baya: akwai ido a cikin lissafin. Santimita 25 yarjejeniya ce, ba halittar kowa ba. Ni da na haura hamsin, in ba tabarau, sai na kai takarda wajen santimita 50 nake karanta ta, don haka wannan gilashin yana ninka mini abin da idona ke iya yi sau 20. 'Yar mai gilashin tana karatu a santimita 12.5, ita sau biyar kawai ya ƙara mata a kan abin da ta saba. Kusurwar da muke gani ta cikin gilashin ɗaya ce, inda muka taso ne ya bambanta.

Lissafin da suka yi

Madubin likita mai gilashi biyu aiki biyu ne a jere. Gilashin ƙasa, wanda ke fuskantar abin da ake dubawa, yana kafa sura ta gaske a cikin bututu, babba, kanta a ƙasa. Sura ce da za ka iya tara ta a kan takarda. Gilashin ido kuma ba komai ba ne illa gilashin ƙara girma irin wanda muka gama magana a kansa, sai dai maimakon ƙwayar acca, wannan surar ta cikin bututu yake dubawa. Saboda haka ake ninka ƙarfin biyun.

Suka sa gilashin mai duwatsu a ƙasa, f ɗinsa, wanda za mu kira fo, santimita 2.5. A akwatin makaranta muka sami wani mai santimita 5, ya zama na ido, fe ke nan. Ga abin da na rubuta musu a allo:

```
M = (L / fo) × (D / fe)
```

A gefe na rubuta, "L: tsawon bututu." Suka zaɓi santimita 16, saboda sun ga 160 a jikin madubin makaranta guda ɗaya da muke da shi.

```
M = (16 / 2.5) × (25 / 5) = 6.4 × 5 = 32
```

Suka sa zarto suka yanke bututu santimita 16, gilashi ɗaya a kowane baki, suka naɗa baƙar takarda a ciki don kada bangon bututun ya riƙa walƙiya. Abin ya yi aiki. Sun ga zaren hula kamar igiyar guga, sun ga harafin jarida a juye. Murna ta cika ɗakin, har 'yan wasu rukunin suka bar nasu aikin.

Sai aka zo awo. Hanyar tsohuwa ce kuma ba ta buƙatar kuɗi. Ana sa rula ɗaya a ƙarƙashin madubin, a riƙe ta biyu a gefe, santimita 25 daga fuska. Idon dama na duba cikin bututu, na hagu na kallon rula ta biyu, duka a buɗe. Bayan ɗan lokaci ƙwaƙwalwa na ɗora hoto ɗaya a kan ɗaya, sai ka ga milimita ɗaya ta cikin madubi ta shimfiɗu a kan milimita kaza na rular waje. Uku daga cikinsu suka gwada. Biyu suka ce 22, ɗaya ya ce 21.

Zarginsu na farko ya faɗa kan gilasan, tunda an taɓa cutarsu sau ɗaya. Suka sake auna f na kowanne, bai canja ba. Suka zargi rula, suka canja ta. Rana ta biyu ta ƙare a haka, ni kuma na bar su, don ban ga abin ba tukuna. A gida da dare, ina zana hanyar hasken a bayan wata takarda, na kai ga sa alamar L sai hannuna ya tsaya.

Ina L yake farawa, ina yake ƙarewa

Washegari muka fito da L daga tushensa. Idan u ne nisan abu daga gilashin ƙasa, v kuma nisan surar da ya kafa, m kuwa ƙarin girman da wannan gilashin ya bayar, to:

```
1/u + 1/v = 1/fo
m = v/u = (v − fo) / fo
```

Na bar alamar ragi da ke nuna juyewar sura, girma kawai muke bi. Abin da ke saman layin, v a cire fo, shi ne L. Ke nan L ba daga gilashin ƙasa yake farawa ba, daga matattararsa ta baya yake farawa. Ba kuma a gilashin ido yake ƙarewa ba, yana ƙarewa ne inda surar ta tsaya, wanda idan ana son ido ya huta, daidai matattarar gilashin ido ne. Tazara ce tsakanin ɗigo biyu da ke rataye a iska cikin bututu, babu wanda za ka taɓa da zarto. Bututun da za a yanka dole ya ɗauki abu uku:

```
gilashi zuwa gilashi = fo + L + fe
                     = 2.5 + 16 + 5 = 23.5
```

Su kuwa sun yanke 16, don haka gilasan biyu sun cinye santimita 7.5 daga ciki, L na gaske ya rage 8.5.

```
M = (8.5 / 2.5) × 5 = 3.4 × 5 = 17
```

Na faɗa musu a fili cewa kuskuren daga allo ya fito, kuma hannuna ne ya rubuta. Kalmar tsawon bututu tana cikin littattafai da yawa, kuma wasunsu suna ɗaukar L a matsayin tazarar gilashi zuwa gilashi, bisa zaton cewa fo da fe ƙanana ne ƙwarai. Idan fo milimita 4 ne, fe kuma milimita 25, abin da aka yi watsi da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na L ba, ana iya haƙuri da shi a lissafin kan tebur. Da gilasai irin namu ya kusa rabi. A ganina bai kamata a ba ɗalibi wannan gajeren lissafin ba sai an zana masa inda L ya fara da inda ya ƙare, ko da zanen zai ci rabin darasi.

Ina shirin wucewa sai ɗalibar da ke riƙe da littafin rukunin ta ɗaga hannu.

"Malam, ka yi haƙuri. Lissafin farko ya ce 32, na yanzu ya ce 17. Mu kuma 22 muka gani. Ai har yanzu ba mu iso ba."

Na ce, "Kin yi gaskiya. Da kika auna, idonki na hagu me yake kallo?"

"Rula."

"A wane nisa?"

Ta buɗe baki za ta amsa sai ta tsaya, ta koma kan littafinta.

Idanu biyu ba sa daidaita kansu daban-daban. Idan na hagu ya kafe a kan rular da ke santimita 25, na dama ma can yake, don haka mai awo, ba tare da ya sani ba, yana matsar da madubin har surar ƙarshe ta zo santimita 25. Wato awon da suka yi na layi na biyu ne, na ido mai aiki, alhali 17 lissafin ido a sake ne. Ita ta yi lissafin a allo. Don gilashin ido ya kai sura santimita 25, dole abin da yake dubawa ya kasance a nisan ue:

```
1/ue = 1/5 + 1/25 = 6/25,   ue = 4.17
v = 16 − 4.17 = 11.83
m = (11.83 − 2.5) / 2.5 = 3.73
M = 3.73 × (1 + 25/5) = 3.73 × 6 = 22.4
```

Da ta rubuta 22.4 ɗakin ya yi tsit, sannan wani daga baya ya ce, "Kai!" A lura, abu biyu ne suka ƙaru tare. Gilashin ido ya tashi daga 5 zuwa 6, surar tsakiya kuma ta matsa sama da kusan milimita 8, abin da ya ƙara wa gilashin ƙasa ƙarfi daga 3.4 zuwa 3.73. Madubi ɗaya, bututu ɗaya, amma ƙarfinsa na yawo tsakanin 17 da 22 gwargwadon yadda mai dubawa ya riƙe idonsa.

Gyara

Ba mu jefar da bututun ba. Mun samo wani ɗan siriri da ke shiga cikinsa, muka ɗora gilashin ido a kansa, aka ja shi har tazarar gilasan ta kai santimita 23.5. Wannan karon na hana su awo sai sun rubuta abin da suke sa ran gani.

Da ido a sake, v zai zama 18.5, m ya zama 6.4, jimla 32. Abin da ake dubawa kuma zai zauna a nan:

```
u = fo × (1 + 1/m) = 2.5 × (1 + 1/6.4) = 2.89
```

Amma tunda awon rula biyu na santimita 25 ne, suka sake bi ta hanyar da ɗalibar ta bi:

```
v = 23.5 − 4.17 = 19.33
m = (19.33 − 2.5) / 2.5 = 6.73
M = 6.73 × 6 = 40.4
u = 2.5 × (1 + 1/6.73) = 2.87
```

Suka rubuta 40 suka ja layi a ƙarƙashinsa. Yanzu filin da ake gani ya ƙuntata har milimita ɗaya ba ta shiga gaba ɗaya, sai muka ari rular ƙarfe mai zanen rabin milimita. Rabin milimita ya shimfiɗu a kan milimita 19 zuwa 20 na rular waje, wato sau 38 zuwa 40. Ɗan gibin bai dame ni ba. Gilashin mai duwatsu yana da kauri, ba a san takamaimai inda za a fara sa rula a jikinsa ba, ido kuma ba ya mannuwa da gilashi ɗari bisa ɗari, akwai kamar santimita ɗaya a tsakani.

Lambobin u biyu ɗin nan sun fi komai burge ni a duk aikin, 2.89 da 2.87. Tsakanin surar da ke can nesa iyakar gani da surar da ke santimita 25 daga fuska, abin da ake dubawa bai motsa ba sai kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kaurin takarda biyu. Wannan ne ya sa yaran suka yi ta fama da hannu, sura ta zo ta gudu, ta zo ta gudu. Wannan ne kuma ya sa madubin asibiti yake da ƙaramin abin murzawa baya ga babba. Namu maganin, mun ɗaure bututun a sandar ƙarfe ta ɗakin gwaji, muna ƙara ko rage takarda ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin abin da ake dubawa.

Gefen surar yana da bakan gizo, shuɗi da ja, kuma layukan rula suna lanƙwasa. Muka huda rami mai faɗin milimita 6 a baƙin kwali muka rufe gilashin ƙasa da shi. Haske ya ragu, sai da aka matso da tocila, amma surar ta yi kaifi. Daga nan sai suka lura idan ido na manne da gilashi, ɗan tsakiya kawai ake gani, idan an ja da baya sai filin ya buɗe. Wannan ma yana lissafuwa: gilashin ido yana kafa surar ramin nan a bayansa, a nisan 5 × 23.5 a raba da 18.5, wato wajen santimita 6.4, kuma duk hasken da ya ratsa bututun ta nan yake bi. Suka ƙara guntun kwali mai wannan tsawon a sama don ido ya san mazauninsa. Da shi suka ga ɗakunan fatar albasa a jere kamar tubalin gini.

"To mu kai shi 400"

Shugaban rukunin ne ya kawo wannan. Yayarsa na aiki a ɗakin gwajin jini, ya ji ana maganar sau 400 da sau 1000, yana son ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Tunda ƙarfi na bin L, ai sai a ƙara bututu.

Na ce ya lissafa. Gilashin ido na ba da 5, don haka na ƙasa sai ya ba da 80, L kuma ya zama 80 × 2.5, santimita 200. Bututu mai mita biyu da ɗoriya, mai dubawa a kan tsani. Ko an yi hakan, hasken da ramin ya tara zai bazu har surar ta yi duhu. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce.

Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, kuma akwai iyakar ƙanƙantar abin da gilashi zai iya rabewa, komai kyawunsa. Ernst Abbe ne ya fayyace wannan a Jena a 1873. Iyakar tana bin faɗin mazurarin hasken da gilashin ƙasa ke karɓa daga abin da ake dubawa, wanda ake rubutawa da NA. Namu rami rabin faɗinsa milimita 3 ne, a nisan milimita 29, NA wajen 0.1 ke nan. Da koren haske mai tsawon igiya maikiromita 0.55, maikiromita kuwa kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita, mafi ƙarancin tazarar da za a iya rabewa, d, ita ce:

```
d = 0.61 × 0.55 / 0.1 ≈ 3.4
```

Duk abu biyu da tazararsu ba ta kai maikiromita uku da ɗoriya ba, a dunƙule za su fito, ko da gilashin ba shi da aibi ko ɗaya. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, don haka za ta fito a matsayin ɗigo, amma abin da ke cikinta ba zai rabu ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce ƙarin girma mai amfani ba ya wuce NA sau 1000. Namu ya tsaya a 100. Abin da ya haura haka faɗaɗa dushewa ne kawai, kamar mai jan hoton waya da yatsa biyu har fuska ta zama tabo.

Sai na ɗauko madubin makaranta na nuna musu rubutun da ke jikin gilashinsa:

```
40/0.65
160/0.17
```

Arba'in ƙarfinsa ne, 0.65 NA ɗinsa, 0.17 kaurin siririn gilashin da ake rufe samfur da shi, a milimita. Masu ƙera shi ba bututu suka tsawaita ba, fo suka gajarta zuwa milimita huɗu da ɗan abu, suka kawo gilashin dab da samfur don ya kamo mazurari mai faɗi. Gilashin idonsa mai 10X kuwa f ɗinsa milimita 25 ne, daidai da na mai duwatsu. Masu neman ƙwayar zazzaɓi suna hawa na 100, mai NA 1.25, wanda sai an ɗiga mai tsakaninsa da samfur. Gajeren f shi ne sirrin tun asali: Leeuwenhoek na garin Delft, a shekarun 1670, da ƙwayar gilashi guda ɗaya ya ga ƙananan halittu, kuma cikin madubansa da suka rage akwai mai ƙarfi sama da sau 250, wanda D bisa f ke nuna f ɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba.

Ita kuma 160 ɗin da suka kwafa tun farko, ma'ana ta uku gare ta. Ba L ba ce, ba kuma tazarar gilashi zuwa gilashi ba. Awon ƙarfen ne, daga kafaɗar da ake ɗaura gilashin ƙasa zuwa bakin da ake zura gilashin ido, a milimita. Sababbin madubai ma a wurin alamar ∞ za ka gani, domin suna da gilashi na uku a cikin bututu, kuma da nisan matattararsa ake lissafi: milimita 180 a na Olympus, 200 a na Nikon. Shi ya sa ba a ɗauko gilashin wannan a ɗaura wa wancan a ce lambar da ke jikinsa tana nan.

A rahoton da suka miƙa, ɗalibar nan ta zana bututun a tsaye ta raba shi gida uku da jan biro, 2.5 a ƙasa, 16 a tsakiya, 5 a sama. A jikin siririn bututun ma sun yi zane biyu da ƙusa mai zafi, ɗaya a inda tazarar gilasan take 23.5, ɗaya a 16, don 'yan ajin baya su ja su gani da idonsu. Gilashin mai duwatsu mun mayar wa mai shi ranar Juma'a, kuma kafin mu sami wani mai santimita 2.5, bututun na cikin kabad babu gilashin ƙasa.